Ƙugiyar da Ba Ta Shiga Sunan Asusu

Duk wanda ya taɓa buɗe asusu a X ko Instagram ko Gmail da niyyar sa masa suna na Hausa ya san inda ake cijewa. Za ka rubuta ƙauna ko ɗinki ko ɓoye da baƙinsa na gaskiya, sai jan rubutu ya fito a ƙarƙashin akwatin yana cewa ba a yarda da wannan harafi ba. Wayar ce ta rubuta maka harafin, kuma manhajar da ta ƙi shi a nan za ta karɓe shi a cikin saƙo ko sharhi ba tare da gardama ba. Wuri ɗaya tak take ƙin sa, wato sunan da ke bin alamar @, wanda matasa ke kira yuzanem.

Baƙaƙen da abin ya shafa huɗu ne: ɓ da ɗ da ƙ, sai na huɗun da ake rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar kuma ƴ. Ba ado aka yi wa b da d da k ba. Sautuka ne masu zaman kansu, shi ya sa ƙura ta bambanta da kura, ƙafa ta bambanta da kafa, saƙa ta bambanta da saka. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun yi ta gwaji, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙin, wasu su jingina masa waƙafi a sama, kafin ƙugiya ta zauna a shekarun 1930. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, da littattafan makaranta da suka biyo baya, su suka sa idon Bahaushe ya saba da ita. Tsarin da ke ƙin ta a yau kuwa daga baya ya zo, daga wata nahiyar.

A 1963 aka fitar da wani jadawali a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambar da na'ura za ta gane shi da ita. Gurabe 128 ne kacal a cikinsa. Da aka kammala shi a 1967, ya ƙunshi baƙaƙen Turanci 26 manya da ƙanana, da alƙaluma goma, da alamomin rubutu, da wasu umarnoni na na'ura. A kan wannan jadawali aka gina adireshin imel da na shafukan intanet. Daga baya, a farkon shekarun 1990, aka samar da Unicode, babban jadawalin da ya tattaro rubutun duniya, kuma baƙaƙenmu suna ciki tun farkonsa. Lambar ƙ a can ita ce `U+0199`, ta ɗ kuma `U+0257`. Da Unicode ake rubuta saƙonnin da muke aikawa, shi ya sa ƙugiya ke wucewa lafiya a cikin hira. Sunan asusu shi ne aka bari a tsohon tsari, kuma da gangan aka bar shi.

Dalili na farko shi ne sunan asusu yana zama ɓangare na adireshi. Idan harafin da ba ya cikin tsohon jadawalin ya shiga adireshi, sai a juya shi zuwa lambobi. Wanda ya taɓa kwafo adireshin wani shafi daga Wikipedia ta Hausa ya tura wa aboki zai iya tuna ganin irin wannan:

```
ƙasa  →  %C6%99asa
```

Adireshin yana aiki, amma ba wanda zai iya karanto shi a rediyo ko ya buga shi a jikin leda. Dalili na biyu, ana son kowa a duniya ya iya rubuta sunan da kowane irin allon rubutu. Na uku kuma ya fi nauyi: tsoron sojan gona. A rubutun Rashanci akwai harafin da idonka ba zai taɓa bambanta shi da a ɗinmu ba, alhali a wajen na'ura harafi ne daban. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar adireshin da ke fitowa a allo kamar na kamfanin Apple sak, duk da haruffan Rashanci, don ya nuna haɗarin. Mu ma in muka yi wa kanmu adalci, tazarar k da ƙ a ƙaramin allon waya mai tsagewa ba ta da yawa. Da an yarda da su duka biyun, da macuci ya buɗe asusu mai kama da na shagonka ta hanyar lanƙwasa kan harafi guda. Ina jin zafin rashin ƙugiyar, amma wannan dalili ba na raini ba ne, kuma Bafaranshe mai é da Bajamushe mai ü su ma ba su tsira daga dokar ba.

Sai dai akwai inda namu ya fi nasu wuya. A tsarin Unicode, é tana rabuwa gida biyu, wato e da alamar da ke kanta. Manhajar da ke ƙirƙiro sunan asusu ko adireshi kai tsaye daga cikakken sunan mutum sai ta cire alamar ta bar e. Ita ƙ ba ta rabuwa haka, harafi ne ɗaya dunƙulalle, ƙugiyar jikinta ce. To idan mai shirya manhajar ya ce a raba haruffa sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin tsohon jadawali, harafin gaba ɗaya ake zubarwa. Ƙasimu ya koma `asimu`, Ɗanjuma ya koma `anjuma`, Baƙo ya koma `bao`. Ba kowace manhaja ke yin haka ba, amma yana faruwa, musamman a tsare-tsaren makarantu da ma'aikatu da ke haɗa wa mutane adireshin imel da kansu. Alamar ita ce ka ga sunanka ya rasa harafi daidai inda ƙugiya take, ko alamar tambaya ta zauna a gurbin. Wanda ya ga haka ya nemi a gyara tun kafin a buga adireshin a takardu.

Wani zai ce ai Bahaushe ya saba karanta rubutu marar ƙugiya. Gaskiya ne. Muna ganin Dangote da Maradi da Kaura Namoda a rubuce, bakinmu kuma ya furta Ɗangote da Maraɗi da Ƙaura Namoda ba tare da mun tsaya tunani ba. Hasali ma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, garin da ake zama da garin da ake tuƙawa rubutunsu ɗaya ne, jimla ce ke raba gardama. To a nan matsalar take. Sunan asusu ba shi da jimla. Kalma ɗaya ce ko biyu a manne, ba sarari a tsakaninsu, ba abin da ya gabata, ba abin da ke biye. Maƙeri ya sa wa asusunsa Gidan Ƙira, ya fito `gidankira`, mai karatu ya ɗauka shagon buga waya ne. `bakinkarfe` na iya zama baƙin ƙarfe, yana iya zama bakin ƙarfe. `yaya` kuwa ko 'ya'ya, ko yaya babban wa, ko tambaya. Amma `masaukinbaki` ba ya ruɗa kowa, domin kalmar masauki ta riga ta faɗa maka baƙi ake nufi. Kantin Kwari da ke Kano ma ba shi da wannan damuwa, tunda sunansa ba ƙugiya tun asali.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Mu ɗauka wata baiwar Allah ce a Kano mai sana'ar gyaran amare, tana ƙunshi da dilka da turaren jiki, ta raɗa wa sana'arta suna Ƙawar Amarya. Suna ne mai daɗi, domin ƙawa aminiya ce, ƙawa kuma ado ce, duka biyun sun dace da aikinta. Tana son suna guda a Instagram da TikTok da Facebook da X, da kuma adireshin Gmail na karɓar saƙon masu biki.

Abu na farko da zai zo mata shi ne ta cire ƙugiyar kawai, ta rubuta `kawaramarya`. Haruffa 11 ne, kuma tsawon ya shiga ko'ina: X ba ya karɓar fiye da 15, TikTok 24, Instagram 30, Gmail daga 6 zuwa 30, Facebook kuma yana son aƙalla 5. Illarsa biyu. Ido na iya yanka shi a inda bai kamata ba, tunda ba abin da ke nuna ƙarshen kalmar farko. Sannan kawar marar ƙugiya tana tuno wa mai karatu kawar da abu, wanda ba shi ne fatan da ake yi wa amarya ba. Duk da haka kalmar amarya tana taimakawa sosai, domin kowace Bahaushiya ta san ƙawayen amarya, kuma zuciyarta can za ta fara zuwa.

Za ta iya raba kalmomin da alama, amma a nan dokokin suka sha bamban. Karan ƙasa, wato `_`, yana shiga a X da Instagram da TikTok da Telegram, amma Gmail da Facebook ba sa karɓarsa. Ɗigo yana shiga a Instagram da TikTok da Facebook da Gmail, amma X da Telegram ba sa karɓarsa. Ke nan `kawar_amarya` da `kawar.amarya` babu wanda zai yi mata aiki a ko'ina. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Gmail ba ya ƙirga ɗigo a cikin suna, don haka mai ɗigo da marar ɗigo akwati ɗaya suke zuwa, kuma haka Facebook ke yi. Wannan ya ba ta mafita mai kyau. Ta yi rajistar sunan a manne a ko'ina, amma a katin shago ta rubuta na imel da ɗigo don ya karantu, a X kuma ta nuna shi da manyan baƙaƙe a farkon kowace kalma, `KawarAmarya`, tunda babba da ƙarami duk ɗaya ne wajen nemo asusu.

Sai hanyar da matasa suka fi so, wato q. Tun zamanin wayoyi masu madannai ake rubuta qasa da qauna da qwarai a saƙon tes, marubutan littattafan da ke yawo a WhatsApp kuma suka ƙara yaɗa ta, tare da 6 a madadin ɓ, da d' ko 'd a madadin ɗ. Dabarar q tana da hujja: harafin ba shi da aiki a abacadan Hausa, kuma kalmomin Larabci masu ƙaf da ƙ muka are su, kamar Alƙur'ani da alƙali da Ƙasimu. `qawaramarya` tana kawar da ruɗanin ma'ana gaba ɗaya, wanda ya gan ta ya san ƙawa ce. Amma sunan sana'a ba da ido kaɗai yake yawo ba, da baki yake yawo. Uwar amarya za ta ce wa 'yarta, ki nemi Ƙawar Amarya a Instagram, yarinyar kuma da k za ta fara rubutawa. In ba ta samu ba, ko ta haƙura, ko ta faɗa hannun wata mai irin sunan. Kuma q rabin magani ce, domin ɗ ba ta da irinta. Waƙafin sama ba ya shiga sunan asusu a ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare, don haka d' ta faɗi, 'y ma ta faɗi: 'Yar Kano dole ta zama `yarkano`. Ita 6 tana shiga, amma wanda ake karanto wa `6oye` zai ji an ce shida, wanda bai saba ba kuma zai ɗauka lamba ce. Fulanin ƙasar Gini sun taɓa rubuta waɗannan sautuka da bh da dh a tsohon tsarin rubutunsu, sai dai Hausawa ba su saba da wannan ba, kuma suna ba wurin koya wa jama'a sabon tsari ba ne.

Hanya ta ƙarshe ita ce sauya kalmar da wata marar ƙugiya. `aminiyaramarya` haruffa 14 ne, ta shiga X da kyar, ba ta da ruɗani ko kaɗan. Abin da aka rasa shi ne ma'anar ado da ke cikin ƙawa, kuma sunan asusu ya rabu da sunan da ke jikin allon shago. Ga wanda bai riga ya raɗa suna ba, wannan hanya ta fi kowace sauƙi: kwalliya da lalle da turare da zane duk kalmomi ne da ba sa buƙatar ƙugiya. Maƙerin nan mai `gidankira` shi ma sauyin ya fi masa, ko ya ƙara kalmar da za ta tsare ma'anar, ya ce `kirarkarfe`, inda kalmomin biyu ke fassara juna ko da duk sun rasa ƙugiya.

Da ni za ta tambaya, zan ce ta ɗauki `kawaramarya`, domin shi ne abin da hannun mai nema zai fara rubutawa, kuma amarya ta tsare ma'anar. In an riga ta, ta ƙara sunan gari maimakon lambobi: `kawaramaryakano` haruffa 15 ne cif, ya cika X ba ragi. Takwararta ta Maraɗi ba za ta samu haka ba, nata zai kai 17, sai ta gajarta. Sannan ta kama na q ɗin ma a inda take da mabiya da yawa, ta rubuta a cikinsa cewa ga asusun gaskiya, don kada wani ya buɗe shi ya riƙa karɓar kuɗin kafin alƙalami da sunanta. Kafin ta buga kati ko leda kuwa, akwai gwajin da bai cin ko sisi. Ta faɗa wa mutum uku sunan da baki, dattijuwa da budurwa da wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, ta miƙa musu waya su nema. Ba za ta rubuta musu ba, ba za ta yi musu bayani ba. Inda suka yi tuntuɓe, nan masu sayenta za su yi. Sai kuma akasin haka: ta nuna wa wasu sunan a rubuce, su karanto da ƙarfi, ta ji ko ƙawa suka furta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wannan al'amari. Kowane asusu suna biyu gare shi. Akwai na bayan @, akwai kuma sunan da ke fitowa da kauri a saman shafi. Na farkon lambar gida ce, na biyun allon shago. Dokar baƙaƙen Turanci a kan na farkon kaɗai take. Na biyun yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, yana karɓar sarari da waƙafin sama, a X ma har haruffa 50 yake ɗauka. Amma ka leƙa shafukan 'yan kasuwa da marubuta da ƙungiyoyi, za ka tarar yawancinsu sun kwashe ƙugiyar daga nan ma, inda ba wanda ya tilasta musu. Takurar da aka yi wa layi ɗaya ta bazu zuwa sunan sama, da bayanin kai, da allon da mai fenti ya rubuta a ƙofar shago yana kwafa daga waya. Yaron da ke koyon karatu ya fi ganin waɗannan fiye da littafin makaranta, kuma daga nan yake ɗaukar cewa kasa da ƙasa rubutunsu ɗaya. Mai gyaran amaren nan, idan ta rubuta Ƙawar Amarya da cikakkiyar ƙugiya a sunan sama, duk wanda ya buɗe shafinta ya ga sunan gaskiya kafin ya ga na ƙasa, ruɗanin kawar kuma ya mutu nan take. Rubuta harafin ba wahala: a wayar Android, a shiga saitin Gboard a ƙara Hausa cikin harsuna, baƙaƙen za su samu, galibi ta hanyar danne b ko d ko k na ɗan lokaci.

Akwai ɗan tarko a nan ma. Tunda a wajen na'ura k da ƙ haruffa ne mabambanta, wasu akwatunan bincike ba sa haɗa su, sai mai neman kawar ya kasa samun Ƙawar. A misalinmu sunan asusun ya toshe wannan kafa, domin shi yana ɗauke da k, sunan sama yana ɗauke da ƙ, ko ta wace hanya aka nemo za a samu. Wanda ya zaɓi q a ƙasa da ƙ a sama ya bar mai rubuta k a waje, alhali shi ne mafi yawa. Irin wannan sai ya sa siffar mai k sau ɗaya a cikin bayanin kai.

Wanda ya riga ya yi shekaru da sunan da yanzu bai gamsu da shi ba, ya fara da gyara sunan sama, wannan ba ya taɓa adireshi kuma ba ya ɓatar da kowa. Sauya na bayan @ shi ke da tsada. Tsohon adireshin da aka buga a kati da leda da jikin mota zai daina kaiwa gare ka. TikTok ba ya barin a sake sauyawa sai bayan kwana 30, don haka kuskuren harafi ɗaya zai zauna wata guda. A X kuwa sunan da ka saki yana iya faɗawa hannun wani, duk masu tsohon katinka su riƙa isa wurinsa. In sauyin ya zama dole, a sanar da mabiya tun da wuri, a yi shi rana ɗaya a duk wuraren, sannan a buɗe ƙaramin asusu da tsohon sunan nan take, a rubuta sabon adireshin a cikinsa, a bar shi har tsofaffin katunan su ƙare a hannun jama'a.